Kawo Gawar

A bayan Ƙofar Atiku, cikin layin da ake sayar da kayan injuna, akwai shago mai faɗin tabarma biyu da rabi. Mai shagon sunansa Mode, amma in ka tambayi sunan nan haka kawai za a nuna maka mutum huɗu. Sai ka ce Mode Kawo-Gawa, sannan kowa zai miƙa hannu gefe ɗaya.

Sunan ya samo asali ne daga aikinsa. Shekara talatin da biyu yana sayar da kayan injin ban ruwa da na niƙa da janareta, kuma bai taɓa sauya amsar da yake ba mai saye ba. In mutum ya zo ya ce, "Ina son abin nan da ke juyawa a cikin injina," Mode ba ya ɗaga kai daga abin da yake yi. Sai ya ce, "Kawo gawar." Yana nufin tsohon ƙarfen da ya lalace. In an kawo, sai ya juya shi a tafin hannu, ya shafa da babban yatsa, ya ɗora masa ma'auni, sannan ya shiga ciki ya fito da irinsa. In ba a kawo ba, sai ya ba mutum ruwan sanyi ya sallame shi da mutunci.

Ba a nan aka haife shi ba. Ɗan wani ƙauye ne a bakin gulbin Rima, inda ake noman albasa da shinkafa. Ya shigo birni yana saurayi da niyyar zama direba, aka ba shi mota sau ɗaya, ya shiga da ita cikin rumfar mai shayi, daga nan ya fahimci cewa shi da inji sun fi jituwa in injin a kashe yake. Ya yi shekara tara a wurin wani bakanike yana kwance ƙarafa yana mayarwa, har hannunsa ya koyi abin da ido ba ya gani. Ya yi aure, ya yi gida a Gidan Dahala, ya aurar da 'ya'ya uku. Ba ya dariya da yawa. Waɗanda suka san shi sun ce yana yi, amma a ciki, kamar ruwan da ke gudu ƙarƙashin yashi.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, sai mutane suka daina ɗauko gawa. Suka koma miƙo masa hoto. Mode yakan karɓi wayar, ya nisanta ta daga fuskarsa, ya duba, ya ce, "Hoton ya yi kyau. Kawo gawar."

Ranar wata Talata, ƙarshen watan Fabrairu, lokacin da rana ta fara tuna wa Sakkwato ko ita wace ce, wayarsa ta yi ƙara da hantsi. Bawa ne, ɗan gwaggonsa kuma taubashinsa, wanda ya zauna a ƙauye yana noman albasa. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Kai, tsohon direba," in ji Bawa. "Inji ya mutu."

"Allah shi jiƙan shi. Mi yas same shi?"

"Ya faɗo daga bayan babur. Kan hwamhwon ya tsage."

Kan famfo shi ne tukunyar ƙarfen da ke gaban inji, wadda ke zuƙo ruwa ta baki ɗaya ta tura ta ɗaya bakin. In ya tsage, iska yake sha, ruwa ba ya hawa.

"Yaushe?"

"Jumma'a."

"Yau Talata."

"Na yi ta liƙewa da gam. Na sa sabulu. Na ɗaure da roba."

"Ba ka gwada ba shi rubutu ya sha ba?"

"Mode, bar wasa. Albasa ta hwara kai. Yau kwana biyar ba ta sha ta ƙoshi ba. Na aro injin maƙwabci na rabin yini, ya karɓe abinai, shi ma tashi albasar na kuka. In ta kai jibi ba ruwa, ta tahi."

Mode ya san abin da wannan ke nufi. Albasar da ta fara ɗaura kai, in ƙishirwa ta kama ta a zafi, tsayawa take yi ƙanana, kuma ba a lallashinta daga baya. Gonar nan ita ce abin da gidan Bawa zai ci har damina.

Bakinsa ya buɗe zai ce abin da ya saba cewa, sai ya rufe. Mota ɗaya ce ke zuwa ƙauyen, ta Gazali. Takan taso da asuba, ta bar birni bayan la'asar. Ta yau ta riga ta iso. In aka jira gawa, sai gobe za ta zo, kayan su isa goben da yamma, ruwa ya hau jibi. In ana son albasa ta sha gobe da safe, dole sabon kan famfo ya shiga motar yau.

"Turo hoto," in ji Mode. Ya faɗe shi kamar mai haɗiye magani.

Hoton ya ɗauki minti arba'in kafin ya zo, kuma da ya zo sai aka ga dalili. Bawa ya wanke injin tas. Ya mayar da duk abin da ya kwance, ya ɗora shi a kan sabuwar tabarma a tsakar gida, ya sa hula, ya tsuguna a gefensa ya dafa jan tankin da hannu ɗaya, kamar wanda ya sayi ragon layya yana son dangi su gani. An ɗauka daga gaba, daga nesa, yadda har bishiyar darbejiya ta samu shiga.

Mode ya leƙa shagon da ke jikin nasa. Sirajo ke nan, mai sayar da fitilun sola da cajar waya, mutum mai furfura a gemu da ya yi imani babu abin da waya ba ta sani ba.

"Ba ni nan," in ji Sirajo. "Yanzu za ka ga aiki. Hoto kawai za mu ɗora, ita za ta nemo mana sunansa da na ubansa."

Ya yanke Bawa da darbejiya daga hoton, ya bar injin, ya danna. Nan take allon ya cika da injuna. Jan tanki, baƙin firam, tukunya mai launin azurfa. Sirajo ya juyo da wayar yana murmushi.

"Ga shi."

"Wanne?"

"Wannan na farko."

"Na biyun fa?"

Sirajo ya duba na biyu. Ya duba na uku. Ya ja allon ƙasa, murmushin yana raguwa da kowane inji. Da suka cire maimaici, iri bakwai suka rage, kowanne da lambarsa, kuma dukansu kamar an tsaga kara.

"Ta rikice," in ji Sirajo.

"Ba ta rikice ba. Abin da ka tambaye ta shi ta ba ka." Mode ya ja benci ya zauna. "Ita kama take dubawa, siffa da launi. Su kuwa masu ƙera kayan nan da tsari guda suke zuba su, sai dai kowa ya manna sunansa. Masu tallar ma rabinsu hoto guda suke ɗorawa a kan iri uku, don ba mai fasa kwali ya ɗauki kowanne. Sannan hoto bai san girma ba. Ka ɗauki bakin inci biyu daga kusa, ka ɗauki na inci uku daga nesa, sun zama ɗaya. Abin da ya raba su kuma yawanci a ciki yake ko a baya, inda Bawa bai ga ya dace a nuna wa baƙi ba."

"To ka aika masa da duka bakwai ɗin, ya zaɓa."

"Ba ni da ko ɗaya. Sai na ɗauko a siton Alhaji Abdulwahabu, shi kuma kwalin da aka fasa ba ya komawa wurinsa. Wannan ke nan. Na biyu, ba ka san Bawa ba. Shi a wurinsa duk abin da ya ƙi shiga, guduma ce ba ta ishe shi ba. In na tura wanda ba nasa ba, zai sa shi ya shiga, daga nan kuma ba kan famfo za mu nema ba, inji za mu nema."

Ya kira ƙauye. "Jikin firam akwai takarda da aka manna, mai lambobi. Ɗauko min ita, daga kusa."

Hoton ya zo. A daidai inda takardar take, an shafe da shuɗin fenti, an rubuta BAWA da manyan baƙaƙe. Al'adar mutanen fadama ce. Injuna ashirin iri ɗaya a bakin gulbi guda, kowa yakan sa wa nasa shaida kamar yadda ake yi wa dabba, kuma babu wuri mai santsi da ya fi karɓar fenti irin wannan takardar.

"Madalla," in ji Mode a waya. "Yanzu mun san sunan mai shi."

"In kankare?"

"Takarda ce. Da fentin za ta tahi."

"Tsaya," in ji Sirajo, wanda ya koma kan hoton farko yana buɗa shi da yatsu biyu. "Ga lamba a jikin tanki. Ta ƙare da talatin. Talatin ai inci uku ke nan, ashirin inci biyu. Ko ba haka ba ne?"

Haka ne. Mode ya duba, lambar tana nan ɓaro-ɓaro a kan jan tankin. Cikin bakwai ɗin, uku ne masu inci uku, kuma ɗaya daga cikinsu shi ya fi yawa a gari. An yi kiran azahar. Ya yi salla, ya dawo, har ya sa takalmi zai tafi sito. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya sake karɓar wayar. Jan tankin ya fi sauran injin ƙuruciya. Firam ya koɗe, tukunya ta yi tabo, tanki kuwa yana sheƙi.

Ya sake kira. Wannan karon muryar mace ce ta amsa, Bara'atu, matar Bawa, wadda wayar tata ce tun asali.

"Yaya Mode, ina wuni. Ya hita neman guduma."

"Kar ki bari ya same ta. Bara'atu, tankin ga, da shi aka sawo injin?"

"A'a. Na hwarko ya huje bara. Bakaniken garinmu yac ciro wanga daga wani mataccen inji ya ɗora."

Mode ya cire takalmin. Injin da ke juya famfon inci biyu da na inci uku sau da yawa iri ɗaya ne, don haka tankin wannan yakan zauna a kan wancan ba gardama, ya taho da lambarsa. Lambar gaskiya ta faɗa, amma a kan wani injin da ya riga ya mutu.

"Saura kaɗan," in ji Sirajo.

"Saura takalmi," in ji Mode. Ya koma kan waya. "Bara'atu, ke za ki yi aikin ga. Ba na son hoto mai kyau. Kar a wanke komi, kar kowa ya shiga ciki. Akwai abin awo a gidan?"

Aka ji muryar Bawa daga nesa, ya dawo. "Na auna! Bakin yatsa huɗu ne!"

"Yatsun wa? Naka da suka yi kamar rogo? Bara'atu, yana da katin zaɓe?"

"Yana da shi."

"Cire tiyo. Ki ɗora katin a kan bakin da ruwa ke fita, ta tsawonsa. Ki tsaya daidai saitinsa ki ɗauka, ba ta gefe ba."

Katin zaɓe da na banki da na shaidar ɗan ƙasa duk girmansu ɗaya, a Sakkwato ko a ƙauye, kuma Mode ya daɗe da sanin tsawonsu ya kusa faɗin bakin inci uku. In katin ya tsaya daidai da bakin, uku ne. In ya zarce shi sosai, biyu ne. Hoton ya zo, fuskar Bawa ta kan katin tana kallon sama, katin ya wuce bakin hagu da dama.

"Inci biyu," in ji Mode. "Ka ga katin ya yi masa amfani."

Sirajo ya share uku. Saura huɗu.

"Yanzu murfin tukunyar. Ƙirga min notin da suka riƙe shi. Da yatsa, kina taɓa kowanne."

"Huɗu."

"Har da na ƙasa?"

"Har da shi. Ɗaya ba nashi ba ne, amma ramin huɗu ne."

Biyu daga cikin huɗun masu tura ruwa nesa ne, murfinsu ya fi noti yawa. Suka fita. Saura biyu, kuma waɗannan biyun ko uwar da ta haife su ba za ta raba su daga waje ba. Sirajo ya buɗe bayanin kowanne yana karantawa a hankali. Komai ɗaya, sai layi guda: kaurin sandar ƙarfen da ke fitowa daga inji ta juya farfelar da ke tura ruwa a cikin tukunya. Ɗaya milimita sha shida, ɗaya ashirin.

Inuwar rumfa ta riga ta tsallaka kwata. Gazali ba ya jiran kowa bayan la'asar, ya taɓa barin surukinsa a tasha.

"Ba shi wayar," in ji Mode. "Bawa, kwance tukunyar. Ka cire farfela."

"Yanzu na gama ɗaurawa don hoto!"

"Hoton ya gode. Kwance. Kuma juya ta za ka yi, ba duka ba."

Suka jira. Ta wayar ana jin ƙarar ƙarfe, da kukan akuya, da Bara'atu tana cewa, "Ya ce ba duka ba." Sirajo ya sayar da fitila ɗaya ba tare da ya kalli mai sayen ba. Mode ya zauna hannuwansa a kan gwiwa, yatsunsa suna motsi kaɗan, suna kwance notin da ke nesa da su tafiyar awa biyu.

"Ta hito."

"Ɗauko sifanar babur ɗinka, mai baki biyu, sha huɗu da sha bakwai. Ka kai bakin sha bakwai kan sandar, wurin da take da santsi, ba kan haƙoran ba. Kar ka tura. Ka bar ta ta faɗi ra'ayinta."

Bakin sifana sha bakwai faɗinsa milimita sha bakwai ne. Sandar sha shida za ta shige shi da ɗan sauran wuri, ta ashirin kuwa ba za ta shiga ba.

"Ta shiga," in ji Bawa.

"Bara'atu, da kanta ta shiga?"

"Da kanta, Yaya. Har tana ɗan rawa. Gudumar tana hannuna."

Mode ya sa takalmi. Bai yi gudu ba, don ya daina gudu tun ranar rumfar mai shayi, amma waɗanda suka gan shi a hanyar sito sun ce babbar rigarsa ta ɗan tashi. A siton bai karɓi kwalin da aka miƙo masa don hoton da ke jikinsa ba, tunda hoton nan guda ne a kan kwali huɗu. Ya juya shi ya karanta lambar da ke gefe, ya sa aka karanta masa ita a karo na biyu, sannan ya fasa, ya ɗora ma'auninsa a ramin da sandar za ta shiga. Sha shida. Ya iske Gazali ya tada mota, ya tura kwalin ta taga a kan cinyar wani fasinja, ya ce a riƙe shi kamar jariri.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo. Bidiyo ne na daƙiƙa tara, Bara'atu ta ɗauka. Ba kowa a ciki, sai bakin tiyo da ruwa yana fita da ƙarfi, yana bin kwali-kwalin albasa, wato fangalin da aka dasa ta, ƙasa tana shanye shi tana yin duhu. Mode ya kalla sau uku. Bayan nan Bawa ya kira.

"Kwali shida na can gefen tudu sun tahi. Sauran sun tashi."

"Shidan nan gam ne ya ci su."

"Kai dai ka iya baƙar magana. In an cire, buhu guda naka ne."

"Ka turo hotonsa tukuna, in ga ko buhu ne ko jakar goro."

Da motar Gazali ta iso ranar Alhamis, sai ga tsohon kan famfon an aiko a cikin buhun taki, da tsaguwarsa da gam da guntun sabulu. Ba wanda ya nema. Mode ya fito da shi, ya juya, ya shafa da babban yatsa, ya ɗora masa ma'auni, ko da yake albasa ta riga ta sha sau biyu. Inci biyu, noti huɗu, sha shida. Ya rataye shi a ƙusa saman ƙofa.

Har yanzu in ka je da baki kawai, abin da zai ce maka bai sauya ba. Amma in ka miƙa masa waya, ya daina yaba hoton. Sai ya nuna maka wani kwali da Sirajo ya rubuta masa da alƙalami mai kauri, ya manna ƙarƙashin gawar: lambar jikin firam, ba ta tanki ba, gaba da baya da ciki, a ɗora kati, a ƙirga noti. A ƙasa, da rubutun Mode kansa, an ƙara layi ɗaya. Mai injin ya matsa gefe.